An ce ɗana yana buƙatar dashen ƙarniyya, kuma daga idon mamaci za a ɗauko

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, a Makka muke zaune, wajen Shara Mansur. Ɗana yana da shekara 24, kuma tun yana yaro yake fama da ƙaiƙayin ido, kullum hannunsa na kan ido yana murza. An sha canza masa tabarau, daga baya aka ce yana da ƙarniyya makruɗiyya. Bara idonsa na dama ya yi fari fat cikin kwana biyu, da kumburin ya sauka sai ya bar hakiya a tsakiya. Yanzu likita ya ce sai an yi masa dashe, kuma daga idon mamaci za a ɗauko. Cire masa ido za a yi a sa na wani? Addini ya yarda? Yaushe zai warke ya koma shagon da yake aiki? Tun da aka faɗa mana ban ƙara yin barcin kirki ba.

Wata uwa daga Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya ba yaronki lafiya, Ya kwantar miki da hankali.

Ba za a cire masa ido ba, kuma babu wani likita a duniya da yake ɗauke idon mutum ɗungurungum ya dasa wa wani har ya gani da shi, domin jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa idan aka yanke ta ba ta sake haɗuwa. Abin da za a canza shi ne ƙarniyya kawai, wato tantanin nan mai haske kamar gilashin agogo da ya rufe baƙin ido daga gaba. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa a tsakiya kuwa kusan rabin milimita ne. Ba ma dukansa ake ɗaukewa ba, ana yanke da'ira ce daga tsakiya mai faɗin milimita 8 ko kusa da haka, a maye gurbinta da wata lafiyayya. Launin idonsa zai zauna yadda kika san shi tun ranar da kika haife shi, saboda launin yana bayan ƙarniyya ne, kuma wuƙar likita ba ta zuwa wurin.

Dalilin da ya sa wannan ɗan tantani yake hana mutum gani idan ya lalace shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido shi ne yake yin sa. Dole ne ya kasance garau, kuma lanƙwasarsa ta daidaita ta kowane gefe. A ciwon ɗanki, wanda a asibiti ake kira keratokonas, ƙarniyyar takan yi ta sirancewa har ta kasa riƙe siffarta, sai ta turo gaba ta yi tsini kamar malfa. Tabarau yana gyara lanƙwasar da take a daidaice, amma ba ya iya gyara wadda ta karkace nan tudu can kwari, shi ya sa kuka yi ta canza tabarau ba a dace ba. Farin da ya yi bara kuwa, wani siririn bango ne da ke can bayan ƙarniyyar ya tsage saboda miƙewar da ya sha, ruwan cikin ido ya kwararo ya cika ta. Irin wannan kumburi yakan sauka da kansa cikin wata biyu zuwa huɗu, sai dai yakan bar tabo. Idan tabon ya zauna a gefe, ana iya rayuwa da shi. Idan ya zauna daidai saitin ƙwayar ido, babu maganin ɗigawa ko na sha da zai wanke shi, kuma ina roƙon ki kada a bari wani ya ɗiga masa zuma, ko ruwan wani ganye, ko a sa masa kwalli da sunan maganin hakiya, domin abin da hakan ke ƙarawa shi ne gyambo da jijiyoyin jini a kan ƙarniyya, waɗanda su ne manyan abokan gabar dashe.

Kafin a sa hannu a takardar tiyata, akwai tambaya guda da nake so ɗanki ya yi wa likitansa: shin an gwada masa adasa mai tauri, wato ɗan gilashin gyara gani da ake ɗorawa kai tsaye a kan ido, musamman babbar nan da take zama a kan farin ido ta tsallake ƙarniyya, bayan kumburin ya sauka? Tabon da kumburi ya bari wani lokaci yakan shafe tsinin, har adasar da a da ba ta zama ta koma tana zama. Idan da ita yana iya karatu da gane fuska daga nesa, to ana iya jinkirta dashe shekaru. Idan an gwada gani bai ƙaru ba, ko ya kasa jure ta, to shawarar likitan ta yi daidai, kuma ni ma ita zan ba ɗan cikina.

Game da inda ake samo ta, gaskiya ne daga mamaci ake ɗaukowa, wanda shi da kansa ya yi wasiyya da haka ko iyalinsa suka amince bayan rasuwarsa. Ana ɗaukar ta cikin sa'o'i kaɗan da mutuwa, galibi kafin a cika kwana guda, kuma a yawancin wurare ƙarniyyar ce kawai ake cirewa tare da ɗan zoben farin ido a kewaye, a rufe fatar idon yadda masu wankan gawa ba za su ga wani canji a fuska ba. Daga nan sai ta tafi bankin ido. A can ana gwada jinin mai bayarwar don a tabbatar ba shi da ƙanjamau, ko ciwon hanta nau'in B da C, kuma ana bincikar abin da ya yi ajalinsa; wanda ya rasu da cutar haukan kare, ko da guba ta ƙwayoyin cuta a jini, ko da ciwon ƙwaƙwalwa da ba a gano kansa ba, ba a amfani da tasa. Sannan a sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma a ƙirga ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bayanta. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke tsotse ruwa daga ƙarniyya dare da rana don ta zauna garau, kuma idan suka mutu ba sa sake haihuwa, saboda haka bankuna kan nemi aƙalla 2,000 a kowane murabba'in milimita kafin su sake ta. Tana isowa ɗakin tiyata a cikin 'yar ƙaramar kwalba mai ruwa ja-ja, a cikin akwatin ƙanƙara, da lamba da takardarta. A wannan sanyi na digiri 2 zuwa 8 tana iya kaiwa mako biyu. Na riƙe irin wannan kwalba a hannuna sau da yawa, kuma har yau ban daina yi wa mai ita addu'a a zuciyata ba kafin a buɗe.

A nan Saudiyya yawancin ƙarniyyar da ake dasawa daga bankunan ido na ƙasashen waje ake kawo ta, musamman Amurka, saboda masu bayarwa a cikin gida ba su kai yawan masu buƙata ba, duk da cewa yanzu mutum yana iya yin rajistar bayar da sassan jikinsa ta manhajar Tawakkalna. Asibitin ido na Sarki Khalid da ke Riyad yana da bankin ido kuma ya daɗe yana wannan aiki, haka ma wasu asibitoci a Jidda. Wannan ne ya sa ranar tiyata takan dogara da ranar isowar ƙarniyya, kuma ana iya ɗage ta a kurarren lokaci idan gwajin ƙarshe bai gamsar ba. Idan haka ta faru kada ki ɗauka wulaƙanci ne, kariya ce. Ku kuma tambaya tun yanzu, a rubuce, ko inshorarsa ko kuɗin da aka yanka muku ya haɗa da kuɗin ƙarniyyar kanta da na cire ɗinki daga baya, domin na ga iyalai da suka tara kuɗin tiyata kaɗai sannan sauran ya zo musu ba shiri.

Mutanenmu sukan tambaye ni ko mai bayarwar Musulmi ne, ko namiji ne, ko jininsu ɗaya. Ba a bayyana sunansa ga iyalin mara lafiya. Ta fuskar lafiya kuwa, a dashe irin na ɗanki ba a buƙatar jini ya zo ɗaya kamar yadda ake yi a dashen ƙoda, saboda lafiyayyar ƙarniyya ba ta da jijiyoyin jini ko kaɗan, sojojin jiki ba sa saurin lura da baƙuwar da aka kawo. Wannan ne ya sa ta zama farkon sashen jikin ɗan Adam da aka dasa ya kama, a shekarar 1905, a hannun wani likita mai suna Eduard Zirm. Ƙarniyya taga ce kawai. Abin da ɗanki zai gani da yadda zai fahimce shi nasa ne, babu wani hali ko tunanin mamaci da yake biyo ta.

Ni ba malamin fikihu ba ne, amma wannan mas'ala malamai sun riga sun zauna a kanta. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta dashen ƙarniyya daga mamaci tun a shekarar 1978. Majalisar Fikihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga mamaci don wanda rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya rataya a kan haka, da sharaɗin izinin mamacin ko na magadansa, kuma kada ya zama ciniki. Idan zuciyarki tana son ƙarin natsuwa, ga malaman Harami nan kusa da ke, ki je ki ji daga bakinsu.

Tiyatar kanta takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma ga matashi irinsa galibi ana sa shi barci ne gaba ɗaya. Hanya biyu ce. A ta farko, wadda za ku ga an rubuta DALK a takardar asibiti, ana cire saman ƙarniyyar da tsakiyarta, a bar masa nasa bangon baya da ƙwayoyinsa masu tsotse ruwa. Amfaninta shi ne mafi munin nau'in ƙin dashe, wanda ke kashe waɗancan ƙwayoyi, ba ya faruwa, tunda nasa ne. A ta biyu, wadda ake rubuta PKP, ana canza kaurin duka. Tunda bangon bayan ɗanki ya taɓa tsagewa, hanyar farko tana da wuya a idonsa, kuma akwai yiwuwar likita ya zaɓi ta biyu tun farko, ko ya fara ta farko ya juya zuwa ta biyu a tsakiyar aiki. Ba kuskure ba ne idan haka ta faru, kuma ya kamata a yi muku wannan bayani kafin ranar. Ana ɗinke sabuwar da'irar da zaren nailan da ya fi gashin kai siranta, yawanci ɗinki 16 a kewaye, a binne ƙullin kowanne a ciki don kada ya soke shi.

Abin da na fi so ki riƙe daga wannan amsa, Hajiya, shi ne abin da zai biyo bayan an fito daga tiyata, domin a nan ne dashe yake rayuwa ko ya mutu. Rashin jijiyoyin jinin da ya kare ƙarniyya daga ƙi, shi ne kuma yake sa ta warke a hankali ƙwarai. Washegari idan aka cire bandeji zai ga haske da inuwar mutane, amma dishi-dishi, ido ja yana hawaye, kuma wataƙila ganin bai kai na da ba. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Ganin zai riƙa hawa da sauka tsawon watanni yayin da kumburi ke sauka kuma zaren ke jan ƙarniyyar nan da can. Ba a fara cire ɗinki da wuri, ana yin sa kaɗan-kaɗan, kuma ana iya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a gama. Sai bayan haka ne za a auna masa tabarau na dindindin, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa dashe suna ci gaba da buƙatar tabarau ko adasa mai tauri. Dashe yana mayar da taga garau ne, ba ya alkawarin rabuwa da tabarau.

Za a ba shi maganin ɗigawa iri biyu: na kashe ƙwayoyin cuta, na ɗan gajeren lokaci, da kuma na sitiroyid, wanda shi ne ke hana jiki ƙin dashen. Na biyun ana farawa da sau da yawa a yini, a riƙa ragewa bisa umarnin likita har ya dawo sau ɗaya, kuma yakan kai shekara ko fiye. Idan mai farin ruwa ne kamar madara, sai an girgiza kwalbar sosai kafin kowace ɗigawa, in ba haka ba maganin yana kwance a ƙasa, ruwa ne kawai ke shiga ido. A bar minti biyar tsakanin magani da magani. Shi wannan sitiroyid ɗin yana da nasa haɗarin, domin a wasu mutane yana ɗaga ƙarfin ruwan ido ba tare da ciwo ko wata alama ba har ya cinye jijiyar gani, kuma yana iya kawo yanar ido. Saboda haka ba a tsayar da shi da ka, ba a kuma ci gaba da sayensa a kantin magani ba tare da awo ba. Kowane mau'idi da aka ba shi, ko ido yana lafiya lau, ya je a auna.

Na taɓa kula da wani matashi ɗan unguwa irin taku, mai sayar da turare, da aka yi masa dashen duka kauri a idon hagu. A wata na bakwai yana karanta layuka shida a allon gwaji da tabarau, mun yi murna tare. Da lokacin Umarar Ramadan ya zo kasuwa ta buɗe, maganinsa ya ƙare, ya ce ido ya warke, zai saya bayan Sallah. Bayan mako uku ya fara jin hasken fitilun shago yana damunsa, idon ya ɗan yi ja, ya ɗauka hayaƙin turaren wuta ne. Ya yi kwana tara kafin ya zo. Da na duba shi da fitilar awo, sai na ga siririn layi na fararen ƙwayoyin jini ya ratsa bayan dashen, ƙasan layin ya kumbura ya yi hazo kamar gilashin da aka hura wa numfashi, samansa kuwa yana nan garau. Muka sa shi ɗiga sitiroyid kowace awa, har da tashi cikin dare. Allah Ya taimaka dashen ya washe, amma ya rasa ƙwayoyi masu yawa da ba za su dawo ba, wanda ke nufin shekarun da dashen zai yi masa sun ragu. Da a kwana na farko ko na biyu ya zo, da asarar ba ta kai haka ba.

Don haka ki rubuta alamomi huɗu ki manna a inda yake ajiye maganinsa: jan ido sabo, ƙin haske, raguwar gani, da ciwo. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana bai wuce cikin 'yan sa'o'i ba, a ranar zai je sashen gaggawa na ido, ba zai jira mau'idinsa ba, ko da ranar Arfa ce. Ya saba da rufe lafiyayyen ido kowace safiya ya kalli abu guda, misali agogon bango, don ya gane da wuri idan gani ya ragu. Ƙin dashe ya fi yawa a shekarar farko da ta biyu, amma yana iya zuwa ko bayan shekara goma, kuma idan aka kama shi da wuri mafi yawansa yana komawa. Haka nan idan ya ji kamar yashi ya shiga idon bai fita ba, tare da ɗan kwantsa, mai yiwuwa wani zare ne ya saki. Sakakken zare ba ya riƙe komai, ƙwayoyin cuta kawai yake tarawa, kuma cire shi aikin minti biyu ne a gaban likita.

A makonnin farko zai riƙa kwana da murfin roba da ake manna wa ido da filasta, don kada ya murza cikin barci, da rana kuma tabarau. Wurin alwala ya wanke fuska ba tare da ruwa ya shiga idon ba, kuma ya tambayi likitansa yaushe zai koma sujada. Da yawa sukan ce a yi salla a zaune da ishara na ɗan lokaci, wanda shari'a ta ba mara lafiya dama. Idan azumi ya riske shi, kada ya tsallake ɗigawar rana. Majalisar Fikihun da na ambata ta ce maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba, kuma tunda mu mutanen Malikiyya muna kula da wannan sosai, ya danne kusurwar idon ta wajen hanci da yatsa na minti biyu bayan ya ɗiga, a hankali ba tare da taɓa ƙwayar idon ba. Hakan yana toshe hanyar da ke kai maganin maƙogwaro.

Aikin shago, idan na zama ne da karɓar kuɗi, yana iya komawa bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan akwai ɗaukar kwalaye masu nauyi ko ƙura, sai ya ƙara wata biyu ko uku, da izinin likita. Akwai kuma abin da ba ya wucewa: bakin dashen ba ya taɓa komawa ƙarfin asali, kuma duka guda a ido yana iya buɗe shi ko bayan shekaru. Ke kin fi ni sanin yadda gwiwar hannun mutane ke kai wa fuska a ɗawafi lokacin cunkoso. Ya bar turmutsutsun Hajarul Aswad, ya yi ɗawafinsa a sama ko a lokacin da jama'a suka ragu, da tabarau mai ƙarfi a fuskarsa, kuma ƙwallo ma sai da irin wannan kariya. Idan aka kiyaye, dashen keratokonas yana cikin waɗanda suka fi daɗewa, kusan tara cikin goma suna nan garau bayan shekara goma. Amma tunda shekararsa 24, ku san cewa yana iya buƙatar wani a gaba.

Ba ki ce komai ba game da idonsa na hagu, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wannan ciwo kusan kullum ido biyu yake kamawa, ɗaya yana gaba ɗaya yana biye. Akwai aikin da a asibitocin nan ake kira tasbitul ƙarniyya, inda ake jiƙa ƙarniyya da ruwan bitamin B2 sannan a haska mata wani haske na musamman don ta yi tauri ta daina turowa. Ba ya mayar da abin da ya tafi, amma yana tsayar da ciwon, kuma a yadda aka saba yin sa ana so kaurin ƙarniyyar bai gaza milimita 0.4 ba, wato idan aka yi jinkiri har ta sirance, damar tana iya wucewa. Ki sa a yi wa na hagun hoton taswirar ƙarniyya a mau'idi mai zuwa, a kwatanta da na baya. A kuma yi maganin ƙaiƙayin da gaske kafin tiyata, domin murzar ido ita ce ke hura wutar wannan ciwo, kuma idon da ke cikin ƙaiƙayi da kumburi ba ya karɓar dashe da kyau. Idan ƙaiƙayin ya taso, ya ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi a kan rufaffen ido maimakon hannu. Ƙannensa ma, musamman waɗanda suka haura shekara goma kuma suke murza ido ko yawan canza tabarau, ki kai su a yi musu wannan hoton.